Kalwa Sittin da Takwas

Iya Kubura mai daddawa ce a Limawa, nan Dutse. Ba ta san baƙi ba, na allo ko na boko. Amma ta iya ƙirga: in ta gutsura ƙullin daddawa ɗari, ɗari ne, babu ƙari babu ragi. Ɗanta guda ne, ya rasu ya bar mata jika, Uwaisu. Ita ta yaye shi, tana kiransa Maigida, shi kuwa ya ce ta yi masa tsufa.

Wajen shekara talatin da zuwan Turawa, dagaci ya rubuta sunan yaron cikin waɗanda za a kai makarantar elementare. Ta yi kuka, ta haƙura, tun da kullum yana dawowa ya ɗebo mata ruwa ya faskara itace. A shekara ta huɗu aka ce duk wanda ya ci jarrabawa za a kai shi makarantar midil a Kano, can zai riƙa kwana. Uwaisu ba shi da magana sai ta Kano. Ita kuwa addu'arta a ɓoye daban ce.

Ran Litinin ya dawo da takardar lissafi, idonsa ja. Maki sittin ake nema, malaminsu, Malam Idirisu, ya rubuta masa hamsin da takwas a ƙasa da jar tawada. Tana zaune tana tsince kalwa a faifai, ta ce ya karanta mata. Takardar kashi huɗu ce, kowane kashi maki ashirin da biyar. Ya karanta abin da aka ba shi: sha tara, sha bakwai, sha takwas, sha huɗu. Hannunta ya saba, yana faɗa tana ware kalwa gefe. Ya yar da takardar ya fita, bai tara da kansa ba, don bai taɓa jin an ce malam ya yi kuskure ba.

Ta kasa kalwar goma-goma. Kashi shida, da takwas a gefe. Ta watsa ta sake, haka dai. Sai ta kife ƙwarya a kai.

Kwana biyu ba ta gaya wa kowa ba. Daga baya ta faɗa wa Uwaisu da bakinta cewa ta yi niyyar ta juye kalwar a tukunya a wuce wurin. Abin da ya hana ta, in ji ta, shi ne tuwon da yake bari a akushi, ya kasa ci don baƙin ciki. Ran Alhamis za a aika da sunaye Kano. Ran Laraba da hantsi ta ƙulle kalwar a bakin zane, ta ɗauki takardar ta nufi makaranta.

Malam Idirisu, saurayi ne ɗan Taura, ya fito ya rusuna.

"Iya, lafiya? In roƙo ne, wallahi ba ni da ikon ƙara maki biyu."

"Wa ya roƙe ka? Zauna, ɗana. Karanta mini abin da ka ba Maigidana."

Ya karanta, tana kasawa a kan zane. Da ta gama ta ce, "To ƙirga."

Ya ƙirga. Ya zaro fensir ya tara a gefen takardar: tara da bakwai da takwas da huɗu, ashirin da takwas. Ya rubuta takwas, ya riƙe biyu. A nan ya tsaya.

"Subhanallahi. Ɗaya na riƙe ran nan, ba biyu ba. Na cinye masa goma, Iya."

"Ai ka amayo ta," in ji ta. "Duk takardun haka ka cinye?"

Bai yi dariya ba. Ya shiga ya kwaso sauran, ya sake tara su ɗaya bayan ɗaya tana zaune. Na Uwaisu kaɗai ne ya kauce. Ya ja layi a kan hamsin da takwas, ya rubuta sittin da takwas, ya sa hannu. Sannan ya dube ta.

"Iya, kin san in na sa sunansa, tafiya zai yi?"

"Na sani tun Litinin."

"Wa zai ɗebo miki ruwa?"

"Kai da ka tambaya."

Uwaisu ya tafi Kano bayan kaka, a kan jakin wasu fatake. Ba ta raka shi ba, ta ce tana da tukunya a wuta. Shekara uku tana ganinsa a hutu, ta rasu kafin ya gama. Maƙwabta sun ce a cikin shekarun nan, ran Alhamis da Juma'a, sukan ga Malam Idirisu ya naɗe hannun riga yana jan guga a rijiyar Limawa, tana tsaye tana yi masa faɗa wai yana zubar mata da ruwa.