Godiyar da Na Yi a Bakin Murhu

Shekarun baya, lokacin da cikina bai riga ni shiga ɗaki ba, na yi wani tsaurin ido a gidan surukaina da ke Bunkure wanda har yau idan aka taru a can sai an tuna min da shi. Jiya wani ya sake tsokano maganar, na ce to bari in faɗa da bakina kafin a ƙara mata gishirin da ya fi nawa.

Matata marainiya ce. Tana da shekara uku iyayenta suka rasu, ƙanwar mahaifinta ta ɗauke ta, wadda kowa yake kira Goggo. Da turara shinkafa ta raine ta, kullum tana tsakanin tururi da hayaƙi. Amma waliyyin aure yayan Goggo ne, Baffa, mai injin casar shinkafa, mutumin da idan ya yi gyaran murya kaji suke shiga akurki. Shi da Goggo sun shekara biyu ba sa ga maciji a kan wata gonar gado da ke bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani.

Saura mako guda biki, na je zance bayan la'asar, sai yarinyar nan ta ce min, "Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da za ku zo gaisuwar surukai, a gode wa Goggo a gaban mutane. Na san Baffa zai tsallake ta."

Na bugi ƙirji na ce, "Wannan ne kawai? Ai ko a lasifika kike so sai in yi." Baki ne da ni tun ina yaro.

Ga wanda bai sani ba, gaisuwar nan tana da tsari. Bayan an ɗaura aure, ango da abokansa su je gidan amarya, su yi sallama a zaure, su jira a yi musu iso. A cire takalmi. A shimfiɗa tabarmi, a kawo ruwa, a biyo da fura. A fara gaida iyaye maza, sannan a shiga cikin gida wajen iyaye mata. Ango kuwa ba ya magana. Ya tsuguna, ya sunkuyar da kai kamar wanda ya zubar da allura, babban abokinsa ne bakinsa. Shi zai riƙa cewa ango yana gaisuwa, ango yana godiya, ya bi manya ɗaya bayan ɗaya, a ajiye goro da 'yar gaisuwa a gefen tabarma. Iyakar rabon ango shi ne "amin" a ƙasan maƙoshi.

To mun gama da zaure lafiya. Ina cikin babbar rigar da na aro wajen yayana, sitacinta kamar kwanon rufi. Za mu shiga ciki sai Baffa ya ja abokina gefe ya lissafa masa waɗanda za a gode wa: Kaka, wato mahaifiyarsu shi da Goggo, sai uwargidansa, sai innonin amarya biyu da suka zo daga Madobi. Shi ke nan.

Abokina ya raɗa min, "Babu Goggo a ciki."

Na ce, "Saka ta."

Ya ce, "Ni? Shinkafata a injinsa ake casa ta. Kai dai rufe bakinka mu karɓi amarya, gobe ka kai mata goro a ɓoye."

Muka shiga, aka rangaɗa guɗa. Kaka ta kalle ni ta ce, "Wannan ne mijin nawa? Ai na ɗauka karan dawa aka sa wa riga." Aka yi dariya. Abokina ya fara aikinsa, kuma ya iya. Ya gode wa Kaka, ya gode wa matar Baffa bisa tarbiyyar da ta ba yarinya, matar da ko kitso ba ta taɓa yi mata ba. Ana ta "Allah ya yi albarka, Allah ya ba da zaman lafiya." Ni kuwa ta ƙasan hula nake leƙe. Can na hango Goggo a madafa, ita kaɗai, tana juya tukunyar shinkafar da za mu ci.

Abokina ya ce, "To mun gode, za mu koma." Aka fara miƙewa. Ni ma na miƙe, amma ban nufi ƙofa ba. Na ratsa tsakar gidan nan ba takalmi, rana ta gasa ƙasa har sai da na ji ƙanshin ƙafata, na je na tsuguna a cikin toka a gaban murhu.

Na ce, "Goggo, na zo godiya. Yarinyar nan ke kika goya ta, ke kika yi jinyarta, ke kika kai ta makaranta. Duk abin da na gani na ce ina so, a hannunki aka yi shi. Allah ya saka miki da Aljanna. Amanar da kika riƙe, in Allah ya yarda ba za ta wulaƙanta a hannuna ba."

Sai ga muryar Baffa a bayana. "Kai yaro! A gidan nan ango ba ya magana."

Ban ɗago ba. Na ce, "Baffa, a tsugune nake, kaina a ƙasa. Na gode maka a zaure, kuma ina ƙara gode maka. Amma ba zan fita daga gidan nan in bar ta a bakin wuta kamar 'yar aiki ba."

Ya ce, "To ka sani, yau babu kai amarya."

Sai bakin nan nawa ya ce, "Ko sai an girbe shinkafar bana, Baffa, zan jira. Godiyar dai na yi ta."

Goggo ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya, kunyar suruki. Ta ja mayafi ta goge ido, ta ce hayaƙi ne. Sannan ta ce wa tukunya, ba ni ba, "A ce masa ya tashi, rigarsa tana ci da wuta."

Gaskiya ce. Tartsatsi ya huda min gefen riga. Abokina ya kashe da tafin hannu yana cewa, "Ka kashe mu, ka kashe mu."

Baffa ya cika alkawarinsa. Na koma garinmu Kura ango ba amarya. Kwana uku ina zuwa gonar tumatir da lalle a hannu, abokai suna tambayata ko ruwan kanal na aura. Kawuna ya wanke ni tas, ya ce na zubar musu da mutunci, in je in ba da haƙuri. Na ce zan ba Baffa haƙurin ɓacin ransa, amma ba zan ce na yi kuskure ba. Haka na je na faɗa, ya juya min ƙeya.

Ashe a can gidan, Kaka ta tasa Baffa gaba. Ta ce duk jikokinta an yi musu aure, ba ta taɓa ganin surukin da ya san inda madafa take ba sai wannan. Rana ta uku da hantsi, sai ga a-daidaita-sahu biyu a ƙofarmu ana guɗa. Wadda ta riƙo hannun amarya ta shigar da ita ɗaki, Goggo ce.

Har yau wasu suna cewa rashin kunya na yi, na karya al'ada. Ni ma ina son al'adar nan, angon da ya yi shiru yana da kwarjini. Amma an yi ta ne don a gode wa masu ɗawainiya, kuma ranar da na ga za a yi godiya a tsallake mai ita, shirun bai yi min kama da kunya ba. Baffa ya rasu muna shiri, ko da yake rabin gaisuwata yake amsawa. Yayana kuwa ya ƙi karɓar rigarsa. Tana nan a ƙasan akwatin matata da hujinta. Sau uku ina cewa a kai wa tela ya cike, sau uku tana cewa duk wanda ya taɓa hujin nan sai ya ga abin da Baffa bai nuna min ba.