Imel ɗin da Malam Muntaka bai ƙarasa ba

Shekara goma sha tara Malam Muntaka Ashiru ya yi yana koyar da rubuta manhajar kwamfuta a jami'a, kuma a duk unguwarsu ta Darmanawa babu wanda zai ce ya taɓa ƙara wa ɗan wani maki ko ɗaya. Gidansa ɗaki uku ne, motarsa ta tsufa har yakan bar ta ya hau adaidaita. A masallacin layinsu ana girmama shi, amma ba a cika zama hira da shi ba, domin kusan kowane magidanci a wurin ya taɓa zuwa masa da maganar ɗa ko ƙane, ya koma da kunya.

Tun yana sabon malami ya gane yadda neman alfarma yake zuwa. Ba a fara shi da buƙata. Sai an yi doguwar gaisuwa, an tambayi iyali, sannan a ambaci sunan wani dattijo da ba za ka iya yi wa musu ba. Saboda haka ya kafa doka: kada ɗalibi ya zo masa gida, kada ya tare shi a hanya, mai tambaya ya rubuto imel. Da imel ɗin ma suka fara cika da roƙo, sai ya koyi karanta layi biyu na farko kawai. In ya ga sunan uban wani, ya rufe.

A zangon karatun da ya wuce ya ba 'yan ajinsa, su ɗari biyu da ɗoriya, aikin maki ashirin. Za su rubuta kod, wato 'yar ƙaramar manhaja, da yaren kwamfuta na Python, wanda za a ba shi lokacin da ma'aikaciyar jinya ta kama aiki da lokacin da ta tashi, ya faɗi awa nawa ta yi. Akwai gwaji goma da na'ura take yi wa kod ɗin da kanta, kowanne maki biyu. Ɗalibi yana iya gyarawa ya sake turawa har zuwa ranar Juma'a da azahar.

Ranar Talata imel ya shigo daga wata Mufida. Ya buɗe a waya yana cikin adaidaita a cunkoson Gyadi-Gyadi. “Assalamu alaikum Malam, da fatan an tashi lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari da mu. Ni ce 'yar Alhaji Ɗanliti na Unguwar Gano, wanda kuka yi makarantar allo tare.” Ya yi tsaki, ya mayar da wayar aljihu.

Aka yi jarrabawa, aka haɗa maki, sakamako ya bi matakansa har aka amince da shi aka kafe. Ana cin kwas ɗin da arba'in. Mufida ta sami talatin da bakwai. Shi lambar rajista kawai ya gani.

Bayan sati biyu, an idar da la'asar yana neman takalminsa, sai ya ji an ce, “Muntaka sarkin doka! Ko gaisuwar ma sai an rubuto?”

Alhaji Ɗanliti ne, mai sayar da kayan gini, ya yi furfura, yana dogara sanda. Ya zo gaisuwar rasuwa a layin. Suka tafa, suka koma gindin katanga.

“Kai da ko Fatiha sai da na ja ka,” in ji Alhaji, “yanzu kai ne kake kayar da 'ya'yan mutane.”

“Ni ba na kayar da kowa, Alhaji. Abin da mutum ya rubuta shi yake samu.”

“Na sani. Ba roƙo na zo yi ba, aikin gama ya gama. Karo na uku ke nan da Mufida ta ɗauki kwas ɗinka, shekarunta na karatu kuma sun ƙare, sun ce ta tafi.” Ya gyara riƙon sandarsa. “Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ta ce za ta yi maka tambaya, na ce kada ki kuskura ki faɗa wa babba da magana kamar wata marar gida, ki gaishe shi, ki faɗi 'yar wace ce ke. Kwana uku tana duba waya. Na ce mata Muntaka ba ya ba da maki, amma tambaya kam zai amsa.”

Malam Muntaka ya yi sallama da shi, ya nufi gida. Da ya shiga gida ko hula bai cire ba ya buɗe kwamfuta, ya nemo saƙon, ya wuce gaisuwar.

“Malam, ba maki nake roƙo ba. Ina aiki a ɗakin kati na wani asibiti a Gyadi-Gyadi, shi ya sa ba na samun lokacin ofishinka. Na haɗo kod ɗina. Ina cire lokacin kamawa daga lokacin tashi. Da farko gwaji bakwai sun wuce, uku sun faɗi, suna ba ni lamba mai alamar ragi. Sai na sa abs don ya cire alamar. Na 20:00 zuwa 08:00 ya wuce, ya ba da 12. Amma na 21:00 zuwa 07:00 yana ba ni 14, ana son 10, na 22:00 zuwa 06:00 kuma yana ba ni 16, ana son 8. Na san ban gyara ainihin matsalar ba, rufe ta kawai na yi, amma na kasa ganin ta. Ban tambayi 'yan aji ba don ka ce duk kod biyun da suka yi kama sifili ne. Ko nuni kaɗan ka yi mini ya isa.”

Ya karanta sau biyu. A shekara goma sha tara, ɗaliban da suka taɓa yi masa tambaya a tsare haka, da abin da suka gwada da abin da ya fito, ba su kai goma ba. Matsalar kuwa a fili take. Aikin dare yana tsallaka sha biyun dare, agogo ya koma sifili, don haka in lokacin tashi ya gaza na kamawa sai a ƙara masa awa ashirin da huɗu kafin a cire. Bakwai da ashirin da huɗu talatin da ɗaya, a cire ashirin da ɗaya, saura goma. Na farkon ma ya wuce ne kawai don awa goma sha biyu rabin kwana ce, ta ko'ina ka ƙirga daidai take. Ba sai ya ba ta amsa ba. Da ya tambaye ta abin da ke faruwa da agogo tsakanin tara na dare da bakwai na safe, da ta gano. Gwaji biyu maki huɗu ne. Da arba'in da ɗaya za ta samu.

Washegari ya je wurin shugabar sashe, Dakta Hafsat, wadda shi ya koyar da ita a aji ɗaya. Ta saurare shi har ya gama.

“Malam, an yi kuskure wajen haɗa makin?”

“A'a.”

“Na'urar ta yi mata ba daidai ba?”

“Daidai ta yi. Ni ne ban amsa ba.”

“To me zan rubuta? In na ce kuskuren lissafi ne zai wuce, amma kai za ka sa hannu.” Ta tura masa fom ɗin gyaran sakamako.

Ya dubi gurbin da ake rubuta dalili. Ya ɗauki biro, ya rubuta gaskiyar abin da ya faru, ya sa hannu. Bayan kwana goma kwamiti ya dawo da takardar: rashin amsa imel ba ya cikin dalilan da ake sauya sakamako.

A ranar ya rubuta wa Mufida. Ya gaishe ta, ya tambayi jikin Alhaji, ya gaya mata bai karanta saƙonta ba sai bayan komai ya wuce, kuma laifinsa ne. Sannan ya yi mata bayanin agogon.

Amsarta ta zo da hantsi, yana tsaye bakin titi yana jiran adaidaita. “Na gode, Malam. Na gyara, na gwada a kwamfutar wurin aiki, biyun duka sun fito daidai. Shafin turawa ne ya ƙi buɗe mini, ya ce lambata ba ta cikin ɗalibai.”

Adaidaita biyu suka tsaya suka yi masa hon, suka gaji suka wuce.