Ɗaya Bisa Ɗari

Shekarun da na koyar da tarihi a wata makarantar sakandare ta yankin Mayahi, gida ɗaya muke haya da malamin lissafi. Mutumin Korgom ne, ya girme ni, kuma ɗan kwantiragi ne kamar ni. Bambancinmu shi ne ni ina da sauran lokaci, shi kuwa shekarunsa sun kusa kai iyakar da ake ɗaukar mutum aikin dindindin. Aka ce masu bincike za su zo su ga yadda yake koyarwa, kuma rahotonsu ne zai sa a ɗauke shi ko a bar shi. Kowa ya san ba za a sake zuwa dominsa ba.

Darasin da ya faɗo masa shi ne lambar nan da ke maimaita kanta bayan waƙafi ba ta ƙarewa, yadda ake mayar da ita lamba bisa lamba. Ni da lissafi ba ma ga maciji, amma ni ya fara gwada wa a tsakar gida, yana zane a ƙasa da tsinke. Ya rubuta 0,272727 ya ɗiga ɗigo uku, ya ce in daina kallonta a dunƙule, in yayyanka ta. Yanki na farko 27 bisa ɗari, na biyu 27 bisa dubu goma, haka dai, kowane yanki ɗaya bisa ɗari ne na wanda ya gabace shi. Wannan ɗaya bisa ɗari shi suke kira rezon. Tunda rezon bai kai ɗaya ba, yankunan ƙanƙancewa suke yi, kuma jimlarsu tana da inda take tsayawa. Sai ka cire rezon daga ɗaya, ka raba yankin farko da abin da ya rage. A nan 99 bisa ɗari ya rage, amsa ta zama 27 bisa 99, wato uku bisa sha ɗaya. Wallahi na gane, har na ji haushin waɗanda suka koyar da ni.

Da an bar shi haka ya shiga aji da lafiya lau. Amma muna da wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba: idan masu bincike za su zo, sai a yi ta maimaita darasin da yara tun kafin ranar, da misali ɗaya, har kowa ya san tambayar da za a yi da amsarta. Dukanmu muna yi. Shi bai so ba, ya ce yaransa sun saba ya bar su su yi kuskure su gyara. Daraktan makaranta ya kira shi ofis.

"Mushe, wagga ba ranar kuskure ba ce," in ji darakta, don Mushe ake kiran malami a wajenmu, daga Faransanci. "Mutanen nan awa guda za su yi su tahi. Ka ba yara abin da za su hwaɗi, su hwaɗe shi."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Yaran ma da suka ji abin da ke kan malaminsu sai suka ɗauki darasin kamar karatun allo. Ajinsa rumfa ce ta zana, tawa tana manne da ita, sai na yi ta jin su safe da rana. Ya ce rezon, su ce ɗaya bisa ɗari. Har masu tallan gyaɗa a bakin makaranta sun haddace.

Ranar ta zo. Mutum biyu suka sauka daga mota, babbansu dattijo ne mai furfura, ba shi da yawan magana. Aka ajiye musu kujeru a bayan aji. Ni kuwa na ba yarana abin kwafa, na koma jikin zana inda take da kafa, na sa ido. Abokina ya sa rigarsa ta salla. Ya ɗauki alli ya fara rubuta sifili, waƙafi, biyu, bakwai. Bai kai ga biyu ta gaba ba wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Uku bisa sha ɗaya, Mushe!" Son malaminta ne ya sa ta, fuskarta cike da murna.

Dattijon ya tashi a hankali ya zo gaban allo. Ya goge, ya rubuta 0,8333 da ɗigo uku, ya miƙa wa abokina alli ya ce, "Malam, a yi muna wannan."

Abokina ya san ta sarai. Ya ja layi ƙarƙashin ukun, yana so su ga takwas ɗin ba ta cikin masu maimaituwa, sai an ware ta gefe. Ya juyo ya tambaye su mene ne rezon a nan. Aji gaba ɗaya, murya ɗaya, suka ce ɗaya bisa ɗari. Ya ce su dubi allo da kyau. Su kuwa suka zaci bai gamsu da ƙarfin muryarsu ba, suka ƙara ɗagawa har yarana suka fashe da dariya. Wani yaro ya ruga allo ya rubuta 83 bisa 99, aka tafa masa yadda aka shirya. Ita kuwa 83 bisa 99 tana ba da 0,838383 ne, wata lamba dabam. Na ji kamar in keta zanar in shiga in toshe musu baki.

Abokina ya yi ƙoƙari. Ya roƙe su su yi shiru su manta da na jiya, amma da ya hana su waƙar sai ba wanda ya ƙara ɗaga hannu, tsoro ya kama su. Shi kaɗai ya ƙarasa lissafin a kan allo yana ba su baya, gumi ya jiƙa rigar. Dattijon ya dubi agogo, ya tambaye shi cikin ladabi tun yaushe ake koya wa yaran nan amsar. Abokina bai ambaci darakta ba, ya ce tun makon da ya wuce.

Washegari ba ni da darasi da safe, sai ya ce in zo in zauna masa a bayan aji. Ya sake rubuta 0,8333, ya zauna a kan tebur ya ce su yi ta kuskurensu, yau ba baƙo. Suka yi ta gardama. Can yarinyar nan ta jiya ta ce ai takwas ɗin sau ɗaya ta zo, a ajiye ta gefe a matsayin takwas bisa goma. Wani ya ce to yankin farko uku bisa ɗari ne, na biyu uku bisa dubu, ashe rezon ɗaya bisa goma ne. Suka raba uku bisa ɗari da tara bisa goma, suka sami ɗaya bisa talatin. Suka haɗa da takwas bisa goma, wato ashirin da huɗu bisa talatin, ya zama ashirin da biyar bisa talatin, suka rage shi zuwa biyar bisa shida. Abokina ko alli bai taɓa ba.

Yarinyar ta ce, "Mushe, a kira su su dawo mana, yanzu mun iya."

Ya ce mata sun yi nisa. Ya dube ni, ni kuwa ba mai bincike ba ne, ba ni da rahoton da zan iya rubuta masa a ko'ina, sai na sunkuyar da kai.

Ba a ɗauke shi ba. Da aka rufe makaranta ya ɗaure katifarsa a bayan babur ya koma Korgom noman gero. Shekarar da ta biyo ba a aiko da malamin lissafi ba, sai darakta ya ce in riƙe ajin kafin a samu. Na ce masa darasi ɗaya tak na iya a lissafi. Ya ce in fara da shi.