Ranar da Na Ƙi Cewa "Tun Ina Ƙarama"

Ko na manta sunan kakata, ba zan manta da ranar da aka tsayar da ni gaban 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, a Arlit ba. Ban taɓa zama a aji ba, jikata ke rubuta muku wannan. Ku masu tukunya na yanzu, ku saurara.

Shekarun nan ne da kasuwar yuraniyom ta faɗi, kamfani na sallamar ma'aikata, ga tawaye, mota ba ta zuwa Agadas sai da rakiyar soja. Ni ce babbar mai dafuwa a kolej. Kowace shekara, kafin jarrabawar birbe ta kammala kolej, ana ware yini guda a kira masu sana'a su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayani. Bayan nan kowane yaro ya faɗi zaɓinsa uku a jere, lise, wato babbar sakandare, ko makarantar sana'a ko ta jinya. Uba ya sa hannu, malamai su duba maki, a aika Agadas.

Masanin duwatsun da aka gayyata an sallame shi, ya koma Maraɗi. Darakta, Mushe Sani, ya same ni a madafa.

"Inna Hajo, ke za ki cike gurbin. Ki faɗi aikinki, da abin da yake buƙata. Ki rufe da cewa tun kina ƙarama shi kike so. Yaran nan su koyi riƙe abu ɗaya."

"Mushe, ƙarya da furfura?"

"Ba ƙarya ba ce, tarbiyya ce."

Sai Zainabu, wata 'yar ajin ƙarshe, ta faɗo mini a rai. Tun shigarta kolej ta ce jinya za ta yi, har gari ya sa mata suna Likita. Ubanta, Malam Idi, direban da kamfani ya sallama, da sunan yake taƙama. Amma ni na ga yarinyar ta juya baya don tsoron jini ranar da na yanke yatsa, kuma ita ta gyara mana wayar kuran, wato lantarkin madafa, tana waƙa. Ta taɓa raɗa mini cewa aikin kuran ɗin take so, kunyar a ce mata mai magana biyu ta hana ta faɗa.

Ranar ta zo. Ma'aikacin jinya ya ce tun yana ƙarami. Jandarma ma tun yana ƙarami. Na miƙe na gyara ɗaurin kallabi.

Na ce: "Ni tun ina ƙarama nono nake son tallatawa, a ƙauyenmu na ƙasar Tawa. Fari ya kashe shanun. Wannan canji ɗora mini aka yi. Na zo nan na koyi keken ɗinki, don shi nake mafarki. Da na iya, sai na tarar na tsani zaman shiru, wuta da hayaniya nake so. Wannan canji ni na yi shi, ba wanda ya kore ni. Awon da ɗinki ya koya mini, da shi nake auna muku shinkafa. Ba abin da ya zube."

Wani ɗan baya ya ce, "Inna, ashe ke mai magana biyu ce!"

"Uku ma, ɗan nema! Mai magana ɗaya tun yaye, ai bai ga duniya ba."

Aji ya kwashe da dariya, Darakta yana ta duban agogo.

Na ce: "Amma ba a sauke tukunya don wuta ta yi hayaƙi. Wahala daban, ƙi daban. Ka gwada abin da hannunka, ka tambayi mai yin sa, ka duba ko makinka zai kai ka. Kuma Mushe ya fi ni sanin wannan: in zaɓi ya tafi Agadas, juyo da shi aiki ne. Mai sauyawa ya sauya yanzu."

Zainabu ta ɗaga hannu. "Mushe, makina na lissafi zai kai ni sashen kuran?"

Darakta ya buɗe takardar maki ya duba. "Zai kai. Amma sai da hannun babanki."

Washegari Malam Idi ya faɗo madafa. "Hajo, ke kika zuga mini 'ya! Me zan ce wa mutane?"

"Malam Idi, da me ka zo garin nan?"

"Da raƙuma."

"Ka koma me?"

"Direba."

"Yanzu fa?"

Ya dubi buhun albasar da ya kawo mana sayarwa. Ya juya ya fita. Sai da aka kusa rufe zaɓi ya je ya sa hannu.

Ba a sake gayyata ta jawabi ba, ban kuma nemi afuwa ba. Abin da na koya, masu jawabi kan daidaita hanyarsu bayan sun iso, yaro ya ɗauka shi kaɗai ne mai karkata. In an tsayar da ku, ku faɗi kwanar da kuka sha.

Zainabu tana Agadas, kan turakun wuta. Har yau Likita ake ce mata, kuma tana amsawa.