Auta da Shafin Kawu Kafinta

A gida Auta ake ce mata, a layin masu shaguna kuwa Mai Shafi. Da can tana buga takardu ne a wani shagon kwafi, har injin ya tsufa, mai shagon ma ya tsufa. Sai ta koma kula wa ƙananan 'yan kasuwa da shafukansu na sada zumunta: ta ɗauki hoton kaya, ta gyara haskensa, ta rubuta bayani, ta ɗora a lokacin da mutane suka fi duba waya. Ofishinta teburin guga ne a ɗakin mahaifiyarta, kusa da soket ɗaya tilo da ba ya wasa.

Wanda ya fara ba ta aiki kawunta ne, kafinta, mai yin gadaje da kujeru. Ta yanka masa farashi a kan hotuna goma sha biyu a wata, kuma farashin 'yan uwa ne. Abin da ba ta ambata ba shi ne saƙonni. Shafin a wayarta yake, saboda haka duk mai tambayar "nawa ne wannan?" ita yake samu. Da aikin ya yi kyau, tambayoyi suka yi yawa. Wannan na son a auna masa falo, waccan na cigiyar gadonta da aka ce jibi tun makon jiya. Kawu kuma ya saba aiko murya: "Auta, ɗan leƙo ki ɗauki wannan, yanzu muka shafa masa fenti." Kuɗin wata bai motsa ba.

Ta gane inda ta kwana ne ranar da mai shagon tabarau ta kira ta. Ita ce mai biya da kyau, kuma ba ta ƙetare rana. Sau biyu tallanta na fita a makare.

"Ƙanwata, ina son aikinki," in ji ta, "amma in aka sake, zan nemi wani."

Da wannan kuɗin Auta ke sayen data da maganin hawan jinin mahaifiyarta. Mako guda ta yi tana lura da lokacinta, ta tarar saƙonnin Kawu sun fi ɗaukar hoto da rubutu cin rana nesa ba kusa ba.

Da ta ce za ta yi wa Kawu magana, mahaifiyarta ta ce, "Ƙanena ne fa. Shi ya yi miki gadon nan da kike kwana a kai."

"Na sani, Mama. Har yau yana ƙara in na juya."

Da hantsi ta same shi yana goge ƙafar kujera, garin katako har a girarsa. Ta gaishe shi, ta ajiye wayar a kan bencinsa, ta buɗe ƙararta.

"Kawu, aikin nan kashi biyu ne, ni na yi kuskure na haɗe su. Hotuna goma sha biyu, zuwa ɗauka sau biyu a wata, gyara sau ɗaya in bayani bai yi maka ba, wannan yana nan a kuɗinsa. Amsa saƙonni aiki ne daban, da kuɗinsa daban, safe da yamma kawai. In kana son tallan da ake biyan kuɗi a yaɗa shi, kuɗin tallan daga aljihunka zai fita, ba daga nawa ba."

"Yau kuma ni ake karanta wa doka? 'Yar danna waya ce fa."

Wayar ta yi ƙara. Ta sake yi. Kafin ya ajiye abin gugar ta yi ta uku.

"Saƙonninka ne, Kawu, bismilla," in ji Auta.

Ya ɗauka da yatsu biyu. Wata ce ke tambayar ko kujerar za ta shiga ƙofarta, ba ta kuma faɗi faɗin ƙofar ba. Ya fara amsawa da murya, wani saƙon ya shigo, ya ɓata, ya sake daga farko.

"Haka suke yi kullum?"

"Yau da sauƙi."

Ya tambayi kuɗin kashi na biyu. Ta faɗa, ba ta rage ba, ko da yake bakinta ya so. Ya kaɗe riga.

"Ya yi mini yawa. Bar ni da hotunan."

Ba haka ta so ba, amma ta ce to. Ta sa shafin a wayarsa, ta tanadar masa amsoshi na farashi da awo da wurin shago, waɗanda zai tura da dannawa ɗaya. Ta aika masa sharuɗɗan a rubuce, ya amsa da "Na gani, ranki ya daɗe."

Tallan mai tabarau ya fita a kan lokaci a makon nan, da na bayansa. Kawu yakan bar saƙo ya kwana, wani lokaci Auta ta gani ranta ya sosu, hannunta ya kai kan wayar, sai ta janye. Da mai gyaran takalma na ƙarshen layi ya zo neman farashi, kafin ta faɗi ko sisi ta ja masa kujera ta ce, "Baba, tukuna. In mutane suka yi tambaya, wa zai amsa?"