Gurbin Suna a Takardar Izini

Ni na riƙe ɗiyar yayana tun yaye. Da ciwon idonta ya tsananta, na shirya kai ta Masar. Mai yi mana biza a Ƙaura ya ce sai uba ya rubuto takardar amincewa, da sunanta kamar yadda yake a fasfo, a buga hatimin kotu.

Na hau babur har Gurbin Bore. Yayan nawa ya rubuta komai tsaf, amma wurin suna ya sa "yarinyar".

Na ce, "Yaya, sunanta fa?"

Ya sunkuyar da kai, wai ɗiyar fari ce, yana jin nauyi.

Raina ya ɓaci. Shekara tara bai leƙo ta ba, bai ji kunya ba. Sunanta kaɗai ya yi masa nauyi.