Yadda Na Raba Gwaggo da Lambunta

Mahaifina tela ne a Sabon Garin Zariya. Kakin ma'aikatan reluwe yake ɗinkawa, a wani shago mai keken ɗinki biyu, kuma a nan na tashi ina taka ɗaya yana taka ɗaya. Asalinsa Bamaguje ne daga wani ƙauye a arewacin Zariya. Ya musulunta yana saurayi a hannun maigidan da ya koya masa ɗinki. Karatunsa bai wuce na salla ba, nawa ma bai fi nasa da wani abin kirki ba.

Yana da yaya mace, ita muke kira Gwaggo. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Da mijinta ya mutu ba ta da ɗa, sai Baba ya ɗauko ta ya ajiye ta a wani lambu da ya saya a bakin rafi a Samaru, ya gina mata ɗaki a gefe. Gwaggo ba ta musulunta ba. In Baba ya yi mata maganar, sai ta ce, "Kai dai yi mana mu biyu, ni gwiwata ba ta lanƙwasuwa." Amma gwiwar nan tana lanƙwasuwa a kan kunya tun safe har la'asar. Albasa, tumatir, latas da kabeji take nomawa, tana ban ruwa da jigo kamar namiji. Lokacin ana ta gine-ginen makarantu a Samaru, kafin a samu mulkin kai, masu dafa wa Turawa abinci kan zo da kwanduna su saya a gindin shuka. Ni nake hawa keke in je in ɗauko mana kayan miya, kuma a wannan zirga-zirgar idona ya faɗa kan lambun. Na ga yadda ake taya filaye a wajen.

Shekarar da ciwon ƙirji ya fara taɓa Baba, ya kira maƙwabtanmu biyu da suke salla tare, wani Banufe mai gyaran agogo da wani Bayarabe mai sayar da atamfa. A gabansu ya ce in ya mutu lambun Samaru na yayarsa ne. Ya ji an ce mutum na iya yin wasiyya da sulusin dukiyarsa, ya kuma lissafa ya ga lambun bai kai sulusi ba in an haɗa da gida da shago. Ina zaune a wurin, raina ya ɓaci.

Mu biyar ne 'ya'yansa. Wana yana aikin jirgin ƙasa, sai ya yi watanni ba mu gan shi ba. Ƙannena mata uku duk suna gidajen aure. Jinya ta faɗo kaina ni da Inna, mahaifiyarmu, kuma na yi ta, wannan ba zan ɓoye ba. Na wanke shi, na juya shi, na kai shi asibiti a bayan keke. Sai dai kowane kofin ruwa da na miƙa masa, ina lissafa shi a zuci.

Ban taɓa ce masa ya ba ni lambu kai tsaye ba. Kewaye nake yi. In ina shafa masa man zafi sai in ce, "Baba, Gwaggo fa ta tsufa. In ta mutu, 'yan'uwan can na ƙauye za su zo su kwashe guminka." Wata rana in ce, "Mace ita kaɗai, wa zai tsaya mata gaban dagaci in an taɓa iyakarta?" Wata rana kuma in tuna masa cewa wana ko wasiƙa bai aiko ba. Yakan rufe ido kawai. Da na ga ya fara sanyi, sai na kawo masa mafita: ya bar lambun a hannuna, ni kuma in riƙe Gwaggo har ƙarshen ranta.

"Za ka riƙe ta?" ya ce.

"Kamar Inna, Baba."

Ni na je na kira maƙwabtan nan bayan azahar. Baba yana jingine da bango, numfashi na yi masa wuya. Ya ce, "Maganar da na yi muku kan lambu, ta Yaya, na janye ta." Ya huta. Sannan ya nuna ni ya ce, "Na bar wa wannan. Shi zai kula da ita."

Mai agogo ya sosa gemu. "Maigida, anya ana yin haka kuwa? Kamar na taɓa jin wata magana a wajen tafsiri. A bari a tambayi malamai."

Na ce masa, "Baba mai agogo, mutum da dukiyarsa kuma sai an tambaya masa?" Ya bar maganar, don ya ga majinyacin ya gaji. Ni kuma ban tambayi kowa ba, saboda ina tsoron amsar.

Baba ya rasu kafin damina ta sauka. Bayan sadakar arba'in muka taru a zauren gida, wana ya zo, ƙannena suka zauna da Inna daga bakin ƙofar ciki. Gwaggo ta tako da ƙafa daga Samaru ta zauna a tsakar gida inda take jin komai. Muka ɗauko limamin unguwarmu, dattijo ne da ya yi karatu a cikin birni, shi ke raba wa mutanenmu gado in ba a so a kai ga alƙali.

Ya fara da kuɗin likkafani da haƙa kabari, sannan bashi. Da aka fitar da waɗannan ya tambaya ko mamaci ya bar wasiyya. Na gyara zama na nuna shaidu. Suka faɗi abin da suka ji, na farko da na biyu, ba su rage ba.

Liman ya dube ni. "Kai ɗansa ne na cikinsa?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"To, ba a yi wa magaji wasiyya. Allah ya riga ya yanka wa kowannenku rabonsa. In uba ya ƙara maka da bakinsa, daga ina ƙarin zai fito? Daga rabon wanka da ƙannenka. Sulusin nan da aka bar wa mamaci, don waɗanda ba su da rabo ne a gado, ko don wani aikin alheri. Shi ma ba a wuce shi, don kada a bar magada hannu wofi."

Na ce, "Ai kyauta ya yi mini, Malam."

"Yaushe? Yana ciwon da ya tafi da shi. Kyautar ciwon ajali hukuncin wasiyya gare ta. Hanya ɗaya ta rage maka: in 'yan'uwanka sun yarda yanzu, da bakinsu, sai ya zama su suka ba ka."

Wana ya yi dariya ta hanci. "Ashe jinyar ta kuɗi ce. Da ka faɗa mini farashi tun farko, ƙanena, da na aiko maka ta jirgi."

Ƙanwata ta tsakiya, wadda ba ta raga wa kowa, ta ce daga bakin ƙofa, "Yaya, ni ma na dama masa kunu sau da yawa. A rubuta mini keken ɗinki."

Ba wanda ya yarda, kuma ba ni da bakin cewa sun yi laifi.

Mai agogo ne ya yi tambayar da ni ya kamata in yi. "Allah gafarta Malam, to ta farkon fa, ta yayarsa? Ko don ba ta salla?"

"Rashin sallarta bai hana ba," in ji Liman. "Gado ne ba ta ci, ga bambancin addini, ga kuma 'ya'ya maza. Irinta aka buɗe wa ƙofar wasiyya. Lambun bai kai sulusi ba, da ya tafi gare ta dungurungum, ba mai cewa uffan. Amma kun ce ya janye da bakinsa, yana cikin hankalinsa. Mai wasiyya na da ikon janyewa muddin yana numfashi. Lambu ya koma cikin gado."

Ina jin kaji na tono a tsakar gida, kusa da inda Gwaggo take. Na kasa juyawa wajen.

Liman ya yi rabo. Inna ta samu tumuni, wato ɗaya bisa takwas. Sauran aka kasa bakwai, ni da wana bibbiyu, mata ɗaiɗai. Sannan ya ce mana abin da shari'a ba ta tilasta ba, zumunci na iya yi: in muka ga dama, mu bar wa tsohuwa lambunta daga rabonmu. Inna ta ce ta bar nata. Autarmu ma ta bari. Wana ya ce yana da iyali da haya a wani gari, ba zai iya ba. Sauran biyun suka ce sai sun yi shawara da mazajensu, kowa ya san ma'anar wannan.

Aka zo kan kadara. Inna da ƙannena mata suka haɗa rabonsu a gida. Shago da kekunansa, da lambu, masu ƙima suka ce kusan ɗaya suke, kowanne ya yi daidai da rabon namiji guda. Wana ya ce shi bai iya ɗinki ba bai iya noma ba, duk wanda ya faɗo masa sayarwa zai yi, don haka in zaɓa.

Liman ya dube ni ya daɗe. "Ɗana, ka ce wa mahaifinka za ka riƙe ta. Ga lambu a gabanka, ta hanyar halal wannan karon. In ka ɗauka, naka ne, kana iya ba wanda ka so."

Na san abin da yake nufi, kowa ya sani. In na ɗauki lambu don in bar wa Gwaggo, sai in koma ɗinki a ƙarƙashin wani, kamar yaron shago, alhali ina da mata da ɗa. Watanni na yi ina farautar lambun nan lokacin da nake zaton zai zo mini a kan shago. Yanzu da ya zama ko shi ko shago, kuma ba ni zan ci shi ba, sai na ji bakina yana cewa sana'ar Baba bai kamata ta mutu ba. Har na kawo hujja da sunan shagon da abokan ciniki. Liman ya saurara har na gama, ya ce, "To." Bai ƙara kallona ba.

Wana ya sayar da lambun ga wani ɗan kwangila. Aka bar Gwaggo ta cire abin da ta shuka. Na je na ce ta dawo Sabon Gari, za mu gyara mata ɗakin ajiya.

Tana ɗaure tukwanenta ta ce, "In yi me a can, ɗan nan? In zauna ina kallon bango, ana jira in yi salla? A ƙauye ko ɗan mijina na wata matar zai ba ni kunya biyu in tona."

Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini."

"Ƙanena na yafe wa, shi da ba shi da lafiya. Kai kuwa ɗaga mini wannan kayan, motar kasuwa ba ta jira."

Na ɗora mata ƙunshin a kan keke, muka taka zuwa bakin titi, tana gaba ina baya. Da motar ta zo na ciro abin da ke aljihuna na miƙa mata. Ta karɓa ta biya kuɗin mota daga ciki, ta mayar mini da sauran, ta hau.